Wasiƙar ɗan Kurmi zuwa Iskandariya: neman sabon farashi da ranar lodi

A tsakiyar Janairun 2024 wani ɗan kasuwar kayan ƙamshi da ke Kurmi a Kano ya ƙulla ciniki da wani Bamisire mai fitar da kaya daga Iskandariya. Kwantena ɗaya ce mai ƙafa 20, tan 18 a buhunan kilo 25, wato buhu 720: hulba tan 10 a kan dala 1,000 kowane tan, habbatus sauda tan 8 a kan dala 2,750. Kuɗin kaya ya kama dala 32,000, kuɗin dako zuwa Legas dala 3,000, jimla 35,000, irin cinikin da ake kira CFR, wato farashi haɗe da dako. Alhaji, kamar yadda za mu riƙa kiransa, ya biya kafin alƙalami na kashi 30 cikin ɗari, dala 10,500, aka yi da shi za a yi lodi a ƙarshen Fabrairu. Na zagaye alƙaluman don lissafi ya zo da sauƙi.

Kafin Fabrairu ya ƙare abu biyu suka lalace. Na farko naira. Lokacin da aka ƙulla cinikin yana sayen dala a Wapa wajen naira 1,300, zuwa farkon Maris ta koma wajen 1,600, bayan ma ta haura haka a cikin Fabrairu. Cikon da ya rage masa dala 24,500 ne, saboda haka bambancin naira 300 ɗin ya zama naira miliyan 7 da dubu 350 da ba su cikin lissafinsa. Ga kuma kuɗin fito, domin a farkon Fabrairun an ɗaga farashin dalar da kwastan ke lissafi da shi daga ƙasa da naira 1,000 zuwa sama da 1,300. Na biyu kuwa, ranar lodi ta zo ta wuce kaya ba su bar sito ba. Da ya tuntuɓa, Bamisiren ya aiko da saƙon murya mai daɗin ji, ya ce rikicin Bahar Maliya ya hargitsa jiragen ruwa, amma za a yi lodi bayan Idi in Allah ya so.

Wasiƙar farko da Alhaji ya aika ba ta haifar da komai ba, kuma ya kamata a tsaya a kanta, don irinta ce aka fi rubutawa. Wani malami da ya yi karatu a Azhar ya rubuta masa, Larabcinta ba abin kushewa. Rabin shafi ya tafi a gaisuwa da addu'a da tuna zumunci, sannan aka ce halin da ƙasa ke ciki ba ɓoyayye ba ne, ana roƙon ɗan'uwa ya duba farashin da idon rahama, ya kuma hanzarta turo kaya. Babu lambar takardar farashi, babu adadin ragin da ake nema, babu kwanan wata. Amsar ta zo daidai da tambayar: addu'a ta amsa addu'a, farashi kuwa ai na ɗan'uwa aka ba shi tun farko, kaya kuma suna nan tafe. A Kurmi idan ka ce wa mutum "a duba mini", yana ganin fuskarka, ka taya, ya ce albarka, ka ƙara, har a sallama. A takarda wannan kai-komon ba ya yiwuwa. Wanda bai rubuta adadi ba bai taya ba, mai kaya kuma ba zai taya wa kansa ba.

Kafin a rubuta ta biyu, malamin da Alhaji suka zauna da ejan ɗin da ke fitar masa da kaya a Apapa a kan waya, suka yi lissafin kwanaki daga ƙarshe zuwa farko. Wannan shi ne aikin da ya fi kowane muhimmanci a lamarin. Ana sa ran Babbar Sallah a tsakiyar Yuni, kuma masu haɗa garin kori da ke sayen hulbarsa suna niƙa da ɗauri makonni kafin nan, sai ya sa 25 ga Mayu a matsayin ranar da yake son kaya su sauka a Kano. Tirela daga Legas a ba ta kwana 5, an koma 20 ga Mayu. Fitar da kwantena daga tasha, idan takardu sun yi daidai, ejan ya ce a ware kwana 17, an koma 3 ga Mayu. Tafiyar ruwa kuma, tunda galibi sai an sauke kwantenar a wata tasha kamar Tanja ta Maroko ko Aljesiras ta Sifen an sauya mata jirgi, suka ba ta kwana 33. Lissafi ya tsaya a 31 ga Maris. Ke nan duk lodin da ya wuce ƙarshen Maris yana cin kwanakin kasuwar Sallah ne.

Daga nan aka ga abin da "bayan Idi" ke nufi. Azumi ya fara 11 ga Maris, ƙaramar Sallah za ta faɗo wajen 10 ga Afrilu, Masar kuma tana yin hutun kwanaki. Bayan shi akwai hutun 25 ga Afrilu na tunawa da karɓo Sina'i, da na ma'aikata ran 1 ga Mayu, da Ista ta Kibɗawa ran 5 ga Mayu, da Shammun Nasim washegari. Mutum zai iya yin lodi a mako na biyu na Mayu bai yi ƙarya ba, ai bayan Idi ne. Kayan da aka loda a lokacin za su tarar da Legas a tsakiyar ruwan Yuni, su iso Kano Sallah ta wuce, damina ta kankama. Hulba da habbatus sauda kuwa ba sa shiri da danshi. Buhun da ya sha raɓar cikin kwantena za ka gane shi tun kafin ka kwance: gefensa ya yi tabo, ƙwayar ta dunƙule, warin fumfuna ya danne ƙamshin.

Maganar Bahar Maliya ma sun auna ta. Gaskiya ne hare-haren da aka fara kai wa jiragen ruwa a ƙarshen 2023 sun sa manyan kamfanoni kauce wa mashigin Suwes suna zagayawa ta kudancin Afirka, kwantenoni suka yi wuyar samu, kuɗin dako ya tashi. Amma jirgin da ya tashi daga Iskandariya zuwa Legas yamma yake nufa, ta Bahar Rum da mashigin Jibralta, ba ya bi ta Bahar Maliya. Saboda haka uzurin yana da ƙamshin gaskiya ta fuskar samun kwantena da gurbi a jirgi, ba ta fuskar hanya ba. Suka yanke shawarar kada a ƙaryata shi a wasiƙa. A nemi kawai ya turo shaidar kama gurbi, da sunan jirgi da ranar tashinsa. Mai gurbi zai turo cikin kwana biyu, marar shi zai ci gaba da kawo labari.

Sai batun hujjar neman ragi. Alhaji yana son a cika wasiƙar da labarin faɗuwar naira. Malamin ya ce masa, "Alhaji, ranka ya daɗe, faɗuwar naira damuwarmu ce, shi dala ya sayar, dala yake jira. A faɗe ta a layi ɗaya, a nemo abin da ya shafe shi." Abin da ya shafe shi kuwa ya faru ne kwanaki kaɗan kafin nan: ran 6 ga Maris babban bankin Masar ya saki fam, kuɗin ƙasar, kasuwa ta yanke masa farashi, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50 a banki. Mai fitar da kaya da ke canza dalarsa a banki yanzu zai karɓi fam da yawa fiye da yadda ya lissafa a Janairu. Hujja ce, amma mai rauni, kuma gara mai rubutu ya san rauninta kafin a nuna masa. Tun kafin sakin, dala a kasuwar bayan fage ta Masar ta haura fam 60, 'yan kasuwa da ita suke sa wa kaya farashi, tsadar kaya kuma ta wuce kashi 30 cikin ɗari a shekara. Idan aka gina wasiƙar gaba ɗaya a kan cewa ya samu garaɓasa, jimla ɗaya ta ishe shi ya rushe ta.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana gona. Hulba da habbatus sauda amfanin sanyi ne a Masar, ana shuka su a ƙarshen shekara a yankuna irin su Minya da Asyut da Fayyum, a girbe wajen Afrilu zuwa Mayu. Abin da ke sitonsa a watan Maris na bara ne, sabo na gab da shigowa kasuwa. Duk mai riƙe da tsohon kaya a irin wannan lokaci ya fi son ya raba kansa da su. A nan buƙatar mutanen biyu ta haɗu: Alhaji na son lodi da wuri, Bamisiren na son sito ya yi sauƙi da kuɗi a hannu kafin kaka. Wasiƙar ta biyu a kan wannan aka ɗora ta, aka ɗaure farashi da rana wuri guda, kowace rana da farashinta.

Ga abin da Alhaji ya shifta da Hausa ran Talata 12 ga Maris, malamin ya mayar da shi Larabci:

"Zuwa ga mai girma shugaban kamfani. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Muna taya ku murnar shigowar Ramadan, Allah ya karɓi ibadunmu. Bayan haka:

"Muna magana a kan takardar farashinku ta watan Janairu mai lamba kaza, ta hulba tan 10 da habbatus sauda tan 8, jimla dala 35,000 CFR Legas, wadda muka biya dala 10,500 daga ciki. An yi alkawarin lodi a ƙarshen Fabrairu, bai samu ba. Tun daga lokacin canjin kuɗi ya sauya a ƙasarmu da ƙasarku, kuma kasuwar da muka sayi kayan dominta tana rufewa a tsakiyar Yuni. Don haka muna gabatar muku da hanya biyu ku zaɓi ɗaya.

"Ta farko: a yi lodi kada ya wuce 31 ga Maris 2024, ranar da ke kan takardar lodi ita ce shaida. Hulba dala 950 kowane tan, habbatus sauda dala 2,625, jimla da dako dala 33,500. Mu kuma za mu cika kafin alƙalami ya kai rabin kuɗin cikin kwana 3 na aiki da samun sabuwar takardar farashi da shaidar kama gurbi a jirgi. Ciko idan mun ga kwafin takardar lodi.

"Ta biyu: idan lodi sai bayan Idi, kada ya wuce 20 ga Mayu 2024, kuma ya zama sabon amfanin bana. Hulba dala 900, habbatus sauda dala 2,500, jimla da dako dala 32,000, kafin alƙalami yana nan yadda yake.

"A hanyoyin biyu ingancin kaya da nauyin buhu da iyakar danshi suna nan kamar yadda aka rubuta a takardar Janairu da samfurin da kuka aiko. Muna fatan samun amsarku a rubuce kafin ƙarshen ranar Lahadi 17 ga Maris. Muna son wannan ciniki ya ɗore kamar na baya. Ku karɓi gaisuwa da girmamawa."

Gaisuwar layi biyu ce, kuma ta wadatar. Wasiƙar kasuwanci ta Larabci tana buɗewa da sallama da "wa ba'ad", ta rufe da girmamawa, ba a ganin rashin ladabi idan aka shiga magana bayan nan. Abin da za a gani rashin ladabi shi ne zargi, shi ya sa aka rubuta "bai samu ba" maimakon "kun saɓa". Zumuncin da aka cire daga takarda bai ɓata ba, Alhaji ya mayar da shi saƙon murya bayan sallar asham, ya ce, "Ya Hajji, barka da shan ruwa, na aiko maka takarda, ka duba ta da kyau, ni da kai ba ma ɓatawa," malamin ya maimaita da Larabci. Lahadi da aka sa a matsayin wa'adi ba kuskure ba ce, ranar aiki ce a Masar, Juma'a da Asabar ne hutun bankuna da ofisoshin gwamnati.

Akwai wuri ɗaya da malamin ya tsaya ya tambaya kafin ya rubuta, kuma da bai tsaya ba da wasiƙar ta tashi a banza. Alhaji ya ce "ranar kawo kaya". A cinikin CFR mai sayarwa yana biyan dako har tashar da aka ambata, amma nauyinsa na miƙa kaya yana sauka ne da zarar sun hau jirgi a Iskandariya, daga nan hatsarin hanya na mai saye ne. Ba shi da iko da ranar da jirgi zai iso Apapa, kuma ba zai sa hannu a kanta ba. Idan aka rubuta kalmar miƙawa kawai, Alhaji zai fahimci isowa Legas, Bamisiren ya fahimci barin sito. Shi ya sa aka rubuta ranar lodi, aka kuma ce ranar da ke kan takardar lodi ce shaida, domin kamfanin jirgi ne ke buga ta, ba ɗayansu ba. Alƙaluma kuma an rubuta kowanne da lamba da kalmomi, don lambobin da Misirawa ke amfani da su suna ruɗar wanda bai saba ba: ٥ biyar ce ba sifili ba, ٦ shida ce ba bakwai ba, sifili kuwa ɗigo ne kawai.

Sharaɗin inganci da aka maƙala a ƙarshe wasu za su ɗauke shi ƙarin magana. A ganina shi ke tsare ragin. Mai kayan da aka matsa wa ya rage dala 100 a tan yana iya mayar da ita ta hanyar rage tankaɗe, a bar tsakuwa da ƙaiƙayi su cika nauyi. Alhaji yana da yadda yake gwadawa: ya zuba tafin hannu ɗaya na habbatus sauda a kan farar takarda, ya baje da yatsa, ƙasa da karare su fito fili, sannan ya murje 'yan ƙwayoyi ya shinshina, ya ga ko sun bar maiƙo a takardar. Masu tatsar mai da ke saye a wurinsa haka su ma za su yi masa. Ragin kashi 4 da ya zo da dattin kashi 4 ba ragi ba ne, ga kuɗin dako da fito da aka biya wa dattin.

Amsa ta zo ran Litinin 18 ga Maris, kwana ɗaya bayan wa'adi, wanda a cikin azumi ba abin magana ba ne. Bamisiren ya ɗauki hanya ta farko ya gyara ta: hulba dala 960, habbatus sauda dala 2,675, jimla da dako dala 34,000, lodi kada ya wuce 7 ga Afrilu, ya haɗo da shaidar gurbi da sunan jirgi. Game da fam, ya ce abin da aka zata zai ce, wato kayan ya saye su da tsada tun kafin saki. Hanya ta biyu ko ambatonta bai yi ba. Aikinta dama ke nan, ta nuna masa cewa jinkiri zai ci masa dala 3,000, ba tare da an yi masa barazanar fasa ciniki ba, barazanar da Alhaji ba zai iya cikawa ba tunda dala 10,500 ɗinsa na hannun mutumin.

Alhaji ya amince, amma bai tura ko sisi ba sai da sabuwar takardar farashi ta zo da tambarin kamfani, ya kuma kira ya tabbatar lambar asusun banki ita ce ta Janairu. Ya kai takardar bankinsa aka gyara Fom M, takardar shigo da kaya da ake buɗewa ta banki, domin idan kuɗin da ke kan fom ya saɓa da na rasidin ƙarshe, takardar kimanta fito ta kwastan, wadda ake kira PAAR, tana iya maƙalewa, kwantena ta zauna a tasha ana lissafa mata kuɗin jinkiri kullum. Inshorar kayan, wadda doka ta ce a yi da kamfanin Nijeriya, ita ma an daidaita ta da sabon adadi. Wannan zirga-zirgar ta ci kusan mako, kuma da an bar ta sai kaya sun iso, da ta cinye kwanakin da wasiƙar ta samo.

Idan aka zo lissafin riba, labarin bai yi daɗin da ake so ba. Ragin da aka samu dala 1,000 ne, alhali giɓin da ya tayar da maganar ya haura naira miliyan 7. Rabin 34,000 shi ne 17,000, saboda haka ya ƙara dala 6,500 a kan abin da ya biya a Janairu, ya saye su a mako na uku na Maris wajen naira 1,550. Cikin Afrilu naira ta farfaɗo, ya sayi dalar ciko, 17,000, wajen naira 1,200. Da bai ƙara kafin alƙalami ba, da waɗancan dala 6,500 ma a 1,200 zai saye su, bambancin naira miliyan 2 da dubu 275. Ragin dala 1,000 a farashin Afrilu naira miliyan 1 da dubu 200 ne. Ke nan abin da ya bayar don a rage masa ya fi ragin tsada da sama da naira miliyan ɗaya. Ba wanda ya san haka ran 12 ga Maris, da naira ta ci gaba da faɗuwa da biyan wuri ya zama riba. Abin da za a iya cewa shi ne ƙarin kafin alƙalami caca ce a kan canji, kuma ya kamata mai bayar da shi ya san rana yake saye da shi, ragin ɗan ƙari ne.

Ranar kuwa ya same ta, ko da ba yadda ya so ba. Takardar lodi ta fito da 8 ga Afrilu, kwana ɗaya bayan alkawari, kwana biyu kafin Idi. Jirgi ya iso Legas 13 ga Mayu, kwantena ta fita daga tasha 30 ga wata bayan jami'an kwastan da na NAFDAC da na hukumar killace amfanin gona sun duba, tirela ta sauke a Kano 4 ga Yuni. Sallah ta kama 16 ga Yuni. Ya makara da kwana 10 a kan ranar da ya sa wa kansa, biyu daga manyan masu haɗa kori sun riga sun saya a wani wuri, sauran suka kwashe fiye da rabin hulbar a makon farko. Buhu 6 na jikin ƙofar kwantena sun sha danshi, aka shanya su aka sayar a ƙasa da farashi. Habbatus sauda, wadda ba ruwanta da Sallah, ta ci gaba da fita sannu a hankali har cikin Agusta.